Saƙo ya isa, fayil yana hanya

Takardar kwangila ce mai shafuka da yawa, duk hotuna aka ɗauka, nauyinta ya kai megabait 30. Na tura wa abokin hulɗata ta manhajar hira, na bi ta da rubutu cewa ya sa hannu kafin a tashi daga aiki. Rubutun ya nuna alamar isa nan take, sai na sa wayar a aljihu na shiga sabgogina.

Shi kuwa abin da ya iske shi kalmomi ne kawai. Ya ga "ga takardar nan", ya duba sama, ya tarar da tsohon kwafin da na tura masa tun kafin a gyara adadin kuɗin. A kan wannan ya sa hannu. Har yanzu in na tuna sai raina ya sosu, don da bai ga komai ba ma da ya kira ni.

Rubutu ba ya jiran fayil. Shi ba shi da nauyi, ko sabis na rarrafe zai wuce. Fayil kuwa sai ya hau gaba ɗaya, kuma saurin turawa galibi bai kai na saukewa ba. Megabait 30 daidai yake da megabit 240, in layinka na tura megabit ɗaya a daƙiƙa, minti huɗu ke nan cur. Nawa ya tsinke a tsakiya, ya tsaya da 'yar kibiya mai kallon sama yana jiran a sake taɓa shi.

Abin da ya fi ba ni haushi, na ma buɗe takardar daga cikin hirar, ta kuma buɗe sumul. Ashe kwafin da ke cikin wayata nake kallo. Buɗewarta a wajenka ba shaidar ta isa ba ce ko kaɗan.

Yanzu alamar da ke jikin fayil ɗin kansa nake kallo, ba ta rubutun da ke ƙasansa ba. A WhatsApp, in da'irar nan tana zagayawa ko ƙaramin agogo na nan, bai bar wayarka ba. Maki ɗaya na nufin ya fita, biyu ya isa wayar mutum. Sai na ga makin nake rubuta abin da ya dogara da shi, ko kuma na sa bayanin a jikin fayil ɗin su tafi tare.

In imel ne daga waya, nakan leƙa Outbox, akwatin saƙonnin da ba su fita ba tukuna, na tabbatar babu abin da ya maƙale, sannan na ga saƙon a Sent, akwatin waɗanda suka fita. Sabon kwafi kuma sai na canja masa suna, na ambaci sunan a cikin saƙon, na ce wa mutum ya faɗa mini adadin da ya gani a shafin ƙarshe kafin ya ɗauki biro.