Akwatunan tik ɗina sun zauna daram a takarda, Alhamdulillah

Jama'a yau dai fom ɗin ya fito yadda nake so, wallahi har wani sanyi na ji a raina da na ga kwafin farko. Na masu zagayen duba famfunan tuƙa-tuƙa ne a ƙauyuka, yawancinsu ba su da babbar waya, wasu wuraren ma ko sabis babu, dole sai takarda da biro.

Tambayoyin ba su ba ni wahala ba, ruwa na zuwa, hannun famfo ya yi lako-lako, simintin gindi ya tsage, irin waɗannan dai. Akwatin da za a sa tik ɗin shi ne ya sha min kai.

Da Word na fara, na sa Wingdings na danna ƙaramin o ya ba ni akwati mai kyau, na kai shagon buga takardu a filasha, yaron shagon ya ga rubutun ya yi ƙanana sai ya zaɓi komai gaba ɗaya ya canza salon rubutun, akwatunan nan duka suka koma o o o tun daga sama har ƙasa, kuma sai da ya buga ya yi hotokwafi da yawa kafin na gani. Kuɗin nan ya min ciwo sosai don daga aljihuna ya fita. Akwatin Wingdings dama harafi ne kawai, da an taɓa salon rubutun ya koma asalinsa.

Na koma Excel na gwada Check Box na cikin Developer, shi kuma ba a cikin gidan Excel ɗin, wato cell, yake zaune ba, yawo yake a samansa, da na ƙara tsawon layi ɗaya sai na ƙasa su goce, wani ya hau kan layi wani ya sauka. Na dannawa ne a kwamfuta, mu kuma takarda muke so. Sai wannan:

```
=UNICHAR(9744)
```

Wannan ya fi, don alamar akwati ce ta gaske ba harafi ba, amma a takarda layinsa siriri ne, bayan hotokwafi na hotokwafi da ƙyar ake ganinsa, ga shi ƙarami, tik ɗin mutum mai saurin hannu sai ya haye akwati biyu.

Abin da ya yi aiki shi ne na bar neman alama kwata-kwata, na mai da gidan Excel ɗin kansa akwati. Ku shiga View ku zaɓi Page Layout, a nan faɗi da tsawo suna zuwa da awon rula, santimita ko inci, maimakon lambobin faɗi da na tsawo da aka saba gani, waɗanda ba sa jituwa. Na sa faɗin ginshiƙi 0.7 santimita, tsawon layi shi ma 0.7, na zagaye gidan da Thick Outside Borders. Tsakanin tambaya da tambaya na bar siririn layi na 0.2 wanda babu komai a ciki, don kar akwatunan su manne da juna su zama tsani. Yanzu duk wanda ya ga dama ya canza salon rubutu, akwatin ba ruwansa.

Abu biyu za su iya ɓata muku shi. In tambaya ta yi tsawo ta naɗo layi biyu, dole a ƙara tsawon layin don ta fito duka, akwatin ya zama dogo, sai na rage maganar, "simintin da ke gindin famfon ya tsage ko bai tsage ba" ta koma "Siminti ya tsage?". Na biyun Fit All Columns on One Page, yana da daɗi amma matse komai yake, in ya sauke ka zuwa kashi 70 akwatin 0.7 ya koma kusan 0.5 ke nan. Na bar shi a 100, na rage faɗin ginshiƙin tambayoyi da hannu har ya shiga. Ku duba Size ma ya zama A4, in yana kan Letter tsawon shafin ba ɗaya ba ne.

Akwati biyu na sa wa kowace tambaya, Eh da A'a. Wani dattijo cikin masu zagayen ne ya ce min, "Malam, in na bar shi wayam, ka san babu ne ko ban duba ba?" Gaskiyarsa kuwa.

Kan shafin, sunan ƙauye da kwanan wata, na sa shi a Print Titles, wurin Rows to repeat at top na rubuta $1:$3, in shafi na biyu ya ɓalle daga na farko za a rubuta na wane gari ne. Launin toka da na shafa a kan na cire shi, injin hotokwafi baƙi yake mai da shi. Yanzu PDF kawai nake kaiwa shago, ƙ da ɗ ɗinmu ma sun tsira.

Saura shafin da zan riƙa shigar da amsoshin in takardun sun dawo, so nake jerinsa ya bi na takardar sak don ido kar ya riƙa tsalle.