Kafin ki shafa rini, ki san gashinki ba shekararsa ɗaya ba

Ƙannena, gashin da ke kanki ba rana ɗaya aka haife shi ba. Gashi yana tofowa kamar santimita 1 a wata, saboda haka idan tsawon naki ya kai santimita 24, ƙarshensa ya yi kusan shekara 2 yana shan rana, rilaksa, draya, tsifa da taza, alhali na gindi bai ga komai ba tukuna. Kowane sili yana da ɓawo a bayansa mai hawa-hawa kamar na kifi. A sabon tofo ɓawon a kwance yake, a rufe ruf, ruwa ma sai ya yi da gaske yake shiga. A ƙarshen gashi kuwa ya ɗaɗɗaga, wani wurin ya zube gaba ɗaya. Rini ta nan yake bi, shi ya sa ƙarshe ke zuƙe shi nan take, gindi kuma yana ja masa rai.

Ni ban san haka ba lokacin da na fara rina kaina. Na sayi rini ruwan ƙasa mai duhu, kwalin ya ce minti 30. Gashina na rilaksa ne, da sabon tofo kamar faɗin yatsa biyu. Da ƙarshen na fara, don shi ne mai sauƙin kamawa, na bi a hankali har gindi, sannan na soma duba agogo. Ashe kafin in gama shafawa ƙarshen ya riga ya sha kwata guda. Wurin da minti 10 ya ishe shi ya samu 45. Da na wanke, ƙarshen ya yi baƙi ƙirin ba sheƙi, gindin kuwa da ƙyar launin ya nuna.

Abin da na yi bayan nan shi ya fi yi mini ciwo. Na ɗauka rinin ne ba shi da kyau, na sayo wani na sake lafta wa kan gaba ɗaya. Rini ba ya goge rini, duhu kawai yake ƙarawa, kuma ruwan haɗin da ake gauraya rinin da shi ya ƙara buɗe ɓawon da dama a buɗe yake. Ƙofar da launi ya shiga da sauri ta nan yake fita da sauri: ana 'yan wanke-wanke ƙarshen ya koɗe, ya bushe, ya riƙa karyewa a mataji. Almakashi ne ya raba mu.

Yanzu ga yadda nake yi. Na fara da tsabtataccen gashi busasshe, in kama 'yan silla, in ja yatsuna daga ƙarshe zuwa gindi. Inda na ji kaushi, nan ɓawo ya tashi. Sai in fesa ruwa: wurin da ya shanye nan da nan zai shanye rini haka, wurin da ruwa ya tsaya ɗigo-ɗigo zai buƙaci lokaci. Gwajin jefa sili a kofin ruwa da ake yawan faɗa ban yarda da shi ba, domin ɗan mai ko kwandishana da ya rage a jiki ya isa ya sa shi ya yi ta yawo a sama. Wanda ba ya ƙarya shi ne ki ware ɗan gashi ta ƙeya, ki shafa masa rinin tun daga gindi har ƙarshe, ki goge ki duba a minti 10, 20 da 30. Ki kuma ɗiga kaɗan a bayan kunne awa 48 kafin ranar, don baƙin rini yana kumbura wa wasu fuska.

Idan launi mai duhu za ki sa, ki tsaga kai gida huɗu, ki shafa a sabon tofo kaɗai, ki bar shi minti 20. Sai ki ɗan jiƙa ƙarshen da ruwa don rage masa ƙishi, ki ja rinin zuwa can na minti 5 zuwa 10 da suka rage. In ƙarshen yana da tsohon rini bai koɗe ba, kada ma ki taɓa shi. Ruwan haɗi mai lambar ƙarfi 10 ko 20 ya wadatar. 30 da 40 na hasken gashi ne, gashin rilaksa ba ya jure su. Tsakanin rilaksa da rini kuma a bar aƙalla mako 2.

Wuri ɗaya ne tsarin ke juyewa. Idan haskaka gashin da bai taɓa shan rini ba za a yi, ɗumin fatar kai yana gaggauta aikin a santimita 1 zuwa 2 na farko, gindin ya fito jawur. A nan da tsakiya ake farawa, gindi ya zo daga baya.