Yadda na tsara ɗango huɗu don katin barka na mahaifiyata

Kati ba shi da fili, don haka kafin in rubuta komai sai da na yanke tsayin waƙar: baiti ɗaya ƙwar huɗu, kowane ɗango gaɓa takwas. Ɗangon da ya wuce haka yakan karye gida biyu a takarda, amsa-amon ya faɗo tsakiyar layi, ido ya kasa ganinsa.

Daga ƙarshen ɗango na faro. Na jera kalmomin da suka ƙare da "ya" waɗanda suka dace da uwa: godiya, juriya, dariya, zuciya, gaskiya, lafiya. A Hausa gaɓar ƙarshe gaba ɗayanta ake maimaitawa, baƙi da wasali. "Gida" da "lafiya" duk sun ƙare da wasalin a, amma kunne ba ya jin sun amsa wa juna. Waɗannan shida kuwa har nauyinsu ɗaya ne: gaɓa mai nauyi, marar nauyi, sai mai nauyi.

Nauyin nan shi ne ainihin aikin. Gaɓa marar nauyi baƙi ne da gajeren wasali, kamar "ci" a "ciki". Mai nauyi tana da dogon wasali, ko tagwan wasali, ko kuma baƙi ya rufe ta, kamar "go" a "godiya", "rai" a "raino", da "kin" a "cikin". Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, saboda haka da baki da kunne ake awo. Na ɗauki karin Mutaƙarab saboda sauƙinsa: gajera ɗaya, dogaye biyu, a maimaita. In "v" ce gajera, wato marar nauyi, "–" kuma doguwa, wato mai nauyi, ɗangona ya zama v – – / v – – / v –. Tunda kalmar amsa-amo ta riga ta cinye gaɓa uku na ƙarshe, biyar kawai suka rage in cika a kowane layi. Ga abin da ya fito:

Uwata, ina godiya
Da raino cikin juriya,
Kikan sa ni yin dariya,
Da fatan biki lafiya.

Ɗango na huɗu ya fi sauran koya mini abu. Zaɓi biyu ne a gabana: "Da fatan ƙarin lafiya" da "Da fatan biki lafiya". Dukansu gaɓa takwas ne cif, amma in ka rera na farkon za ka ji harshe ya yi tuntuɓe a gaɓa ta huɗu. Dalili shi ne "ƙa" ta "ƙari" doguwa ce, ta zauna a gurbin gajera. "Bi" ta "biki" gajera ce, ta shige daidai, kuma ta kawo zancen bikin da aka yi katin dominsa. Wanda ya fi son addu'ar lafiya zalla yana iya sa "cikar lafiya", nauyin bai canja ba. Ƙirga gaɓa da yatsu bai isa ba. Ka rera ɗangon farko da wata murya mai sauƙi, ka ɗora sauran a kanta. Duk inda ka ja wasali ko ka haɗiye shi don ya shiga, nan karin ya karye.

Haka ma sunan da ake kiran uwa da shi. "Umma", "Inna" da "Mama" duk da gaɓa mai nauyi suka fara, ba za su buɗe ɗangon wannan kari ba. Sai na rubuta sunan da nake kiranta da shi a saman katin a matsayin gaisuwa, na bar "Uwata" ta buɗe waƙar.

A ɗango na uku na auna "Kina nan cikin zuciya". Karinsa lafiya lau, amma magana ce da za a iya faɗa wa kowa, aboki ko masoyi. Na zaɓi "Kikan sa ni yin dariya" domin abu ne da ita take yi, kuma za ta gane kanta a ciki. A ganina ko ɗango ɗaya ne ya kamata ya ɗauki wani aiki ko hali nata na musamman, a nan gaskiyar waƙar take. Kalmar da ka san ba ka taɓa furta ta a gabanta ba, kada amsa-amo ya tilasta maka sa ta. "Rijiya" da "tsintsiya" ma da "ya" suka ƙare, amma ba su da abin faɗa a nan.

Sai da na kammala a wata takarda daban sannan na kwafe a katin da biro, kowane ɗango a layinsa, da manyan haruffa don ta karanta ba wahala. Na bar tazarar layi ɗaya a ƙasa kafin in sa sunana, don kada a karanta shi a matsayin ɗango na biyar.