Yadda darar wayarmu take zaɓen wasa

Shagonmu yana Tudun Wada a Gombe, mu uku ne ciki. Manhajar makarantu ce take ciyar da mu, amma aikin da ya fi kwanta min a rai shi ne darar da muka rubuta wa waya, mai gurbi 30, kowane ɓangare da 'ya'ya 12.

Lissafin da take wasa da shi sunansa minimaks. Takan gwada kowane motsi nata, da kowace amsa ta abokin wasa, har zurfin da muka yanka mata, sai ta ba kowane ƙarshe maki bisa yawan 'ya'yan da suka rage wa kowa. Ita tana neman maki mafi yawa, tana kuma ɗauka cewa shi kullum zai zaɓi abin da ya fi yi mata illa.

A ce motsi biyu gare ta. A na farko, amsoshinsa biyu suna ba ta maki 3 da 5. Tunda ba wawa ba ne, 3 zai bar mata. To, 3 ta shiga aljihu, ita ake kira alfa. Da ta koma motsi na biyu, amsarsa ta farko ta ba ta 2. Nan take ta rufe wannan reshe, domin ko me sauran amsoshin suka ƙunsa, yana da hanyar mayar da ita 2, alhali tana riƙe da 3. Beta kuma irin wannan iyakar ce ta ɓangarensa. Da zarar alfa ta kai beta, sai a datse reshen. Minimaks mai wannan datsewar ita ake kira alfa-beta.

Inda muka sha wuya shi ne jerin gwaji. Fitowarmu ta farko, ƙananan wayoyi sai su ɗau zafi kafin ta motsa ɗa guda. Yaron da ke koyon aiki a wurina ya ce, "Oga, ko mu rage zurfin?" Na ce a fara ƙirga wuraren da take dubawa. Ashe bin gurabe take yi daga na ɗaya zuwa na talatin, motsi mai kyau yana zuwa a makare, datsewar ba ta rage komai sosai.

Idan kowane juyi yana da motsi 10, zurfi 6 wuri 1,000,000 ne ga minimaks zalla. In mafi kyawun motsi ne kullum a gaba, alfa-beta 1,999 kawai za ta duba. Ba a samun hakan cif, amma ana matsawa kusa. Sai muka sa ta fara da motsin da ke jera uku ya ci ɗa, sannan wanda ya yi fice a bincike mai gajeren zurfi.

Har gobe, duk gyaran da muka yi, nakan ba minimaks zalla da alfa-beta allo ɗaya a zurfi ɗaya. Dole makinsu ya zo daidai. In ya bambanta, to an datse reshen da bai kamata ba, kuma sau da yawa mukan tarar an musanya `alpha` da `beta` ne wajen miƙa su.