Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Mafarkin da Goggo Ta Hana Ni Faɗa

A makon jiya na tsaya ne a inda cikin ƙanwata ya tsufa, ni kuma na koma ɗakin Goggo da kwana. To, a wannan tsakanin na yi wani mummunan mafarki a kan ƙanwar tawa. Kada ku sa ran jin abin da na gani, don har yau ban faɗa wa kowa ba.

Na farka a firgice, rigata ta jiƙe sharkaf da gumi. Na girgiza Goggo, na ce, "Goggo, na yi mafarki wai..." Ta ɗora tafinta a bakina.

"Mai daɗi ne ko marar daɗi?"

Na ce marar daɗi.

"To, riƙe abinki. Juya hagu ki yi tofi sau uku."

Na tara yawu a baki, ta ce a'a, ba tofar da yawu ake yi ba, huri ne mai ɗan danshi. Sannan ta sa na ce A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim sau uku, na kuma nemi tsarin Allah daga sharrin abin da na gani. Ta ce in sauya ɓangaren kwanciya. Na sauya, amma ƙirjina bai daina bugawa ba. Da ta ji ina ta juyi, sai ta ce in tashi in yi alwala in yi nafila, shi ma yana cikin abin da Annabi (SAW) ya koyar.

Tofi da salla ba su ba ni wahala ba. Kame bakin ne aiki. Gari na wayewa na ce ko Mama kaɗai zan gaya wa, don ta taya mu da addu'a. Goggo ta ce, "Addu'a ba ta bukatar labari. Ki faɗa wa uwarki, ta faɗa wa ƙanwarta, kafin azahar wata ta fassara shi da mutuwa, ya isa kunnen mai ciki. Wa ya ci riba?"

Ta ba ni labarin mutumin da ya zo wa Annabi (SAW) ya ce ya yi mafarki an sare masa kai, kan yana mirginawa yana bin sa. Aka ce masa kada ya riƙa ba mutane labarin wasan da Shaiɗan ya yi da shi a barci. Daga baya na tarar da hadisin a Sahihu Muslim, daga Jabir. Ko mafarki mai kyau ma, in ji ta, wanda kike ƙauna kaɗai ake gaya wa; ba ga Annabi Yaƙub ya hana Annabi Yusuf faɗa wa 'yan'uwansa nasa ba?

Ranar na je gaida ƙanwata, na yi mata kitso, muka sha hira. Ta tambaye ni me ya sa idona ya yi ja, na ce ban samu barci sosai ba, kuma gaskiya na faɗa.

A mako mai zuwa zan kawo muku yadda naƙuda ta kama ta, alhali mijinta ya yi tafiya.