JPEG ko PNG: yadda ƙaramin rubutu zai fita tas bayan ka gama gyara hoto

Ƙannena masu koyon haɗa hotuna, na daɗe ina fitar da kowane aiki a JPEG ba tare da na duba abin da ke cikinsa ba, har sai da aka dawo mini da wata takardar gayyata aka ce lambar wayar da ke ƙasa ba ta karantuwa. A kan kwamfutata rubutun lafiya lau yake. Wajen fitarwa ne ya lalace.

JPEG domin hoton kyamara aka yi shi: fuska, sararin sama, itatuwa, inda launi ke sauyawa a hankali. Yana yanka hoto zuwa ƙananan gidaje, kowanne fiksel 8 a tsaye 8 a kwance, sai ya zubar da ƙananan bambance-bambancen da ido ba ya saurin kamawa. Shi kuwa harafi kusan dukkansa gefe ne mai kaifi, baƙi ya haɗu da fari kai tsaye, kuma irin wannan kaifin ne JPEG ke fara taɓawa. Shi ya sa za ka ga wani ɗan dishi-dishi ya kewaye haruffa kamar ƙura. A ƙaramin rubutu lanƙwasar ƙ ko ɗ na iya narkewa, mai karatu ya kasa raba su da k da d.

Akwai ɓarna ta biyu da ta fi wannan ɓoyuwa, ita ce ta ci ni. Manhajoji da yawa suna adana hasken hoto cikakke, amma su rage bayanin launi zuwa rabi a tsaye, rabi a kwance. A allo za ka ga an rubuta 4:2:0. Gayyatar nan faɗinta fiksel 1080 ne, tsayinta 1350, don haka launinta ya koma 540 da 675. Lambar wayar ja ce a kan shuɗi mai duhu, kaurin layin kowane harafi bai wuce fiksel 2 ba. Ja da shuɗi mai duhu ba su da nisa sosai a haske, launi ne ya raba su, ga shi kuma launin aka rage. Sai jan ya malala cikin shuɗin. Da fari na yi rubutun, da ɓarnar ba ta kai haka ba, domin bambancin haske zai riƙe shi.

PNG ba ya zubar da komai. Fiksel ɗin da ka sa shi za ka samu, ko sau nawa ka buɗe ka sake adanawa. Lambar matsewa da za ka gani daga 0 zuwa 9 ba ta taɓa kyan hoto, girman fayil da lokacin adanawa kawai take sauyawa, don haka ka sa 9 hankalinka kwance. Hoton allo, tambari, jadawali, sanarwa mai launi biyu ko uku, duk PNG ne ya dace da su, sau da yawa ma fayil ɗin ya fi na JPEG ƙanƙanta. Inda yake nauyi shi ne idan akwai babban hoton kyamara a bayan rubutun.

To a irin wannan, idan wurin da za ka ɗora ya iyakance girman fayil, ka koma JPEG amma ka saita shi da hannunka. A GIMP ka ɗaga Quality zuwa 90 ko 92, ka buɗe Advanced Options, ka mayar da Subsampling zuwa 4:4:4. Mai amfani da ImageMagick zai rubuta:

```
magick gayyata.png -quality 92 -sampling-factor 4:4:4 gayyata.jpg
```

Hawa zuwa 100 yana kumbura fayil sosai, abin da ido zai ƙaru da shi kaɗan ne.

Kafin ka fitar, ka tabbata girman aikin shi ne girman da za a nuna shi. Idan ka tsara a faɗin fiksel 4000 aka rage shi zuwa 1080, harafin da ke da tsayin 30 zai koma 8, kuma a nan ko PNG ba zai cece shi ba. Ka rage hoton da zai zauna a bayan rubutun tukuna, sannan ka ɗora rubutun a girmansa na ƙarshe.

Kada ka buɗe JPEG ka gyara ka sake adana shi a JPEG, domin kowane zagaye yana iya ƙara tasa ɓarnar a kan ta baya. Mayar da shi PNG daga baya ba ya dawo da abin da ya tafi. Ka ajiye ainihin fayil ɗin aikinka, daga shi za ka riƙa fitarwa kullum.

Bayan ka fitar, buɗe sabon fayil ɗin kansa, ka ƙara girmansa zuwa kashi 300, ka je kan rubutun da ya fi ƙanƙanta. Idan ka ga ƙura a gefen haruffa, ɗaga Quality. Idan launi ne ya malala, 4:2:0 ne. Manhajojin hira da yawa kuma suna sake matse hoto idan ka tura shi a matsayin hoto, don haka wanda zai kai wurin bugawa ka tura masa a matsayin fayil, ka kuma tura wa wayarka kwafi ɗaya ka karanta lambar da idonka.