Abin da takardar tambayar yawan cin abinci za ta iya gaya wa asibiti

Binciken tantance aiki a asibiti yana tafiya ne a kan ma'auni: a ajiye ƙa'ida, a duba yadda abubuwa suke a zahiri, sannan a ga tazarar da ke tsakani. Ita kuwa takardar da ake tambayar majinyaci sau nawa yake cin kowane irin abinci, an gina ta ne domin wani aikin daban. Walter Willett da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard, waɗanda suka raba wa dubban ma'aikatan jinya irin wannan takarda mai abinci 61 a shekarar 1980, burinsu shi ne su jera mutane daga mai ci kaɗan zuwa mai ci da yawa, su ga ko hakan yana da alaƙa da cuta. Darasin da ya fi zauna mini a wannan aiki shi ne cewa takardar ta iya jera mutane, amma ba ta iya faɗin ainihin giram nawa mutum ya ci ba, alhali mai tantance aiki giram ɗin yake so ya gwada da ƙa'ida.

Saboda haka nake fara tsara takarda daga ma'aunin, kafin in taɓa jerin abinci. A ce asibitin masu hawan jini yana son sanin ko majinyatansa suna samun giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, wato kaso biyar mai giram 80 kowanne. Wannan ma'auni shi ne zai yanke abin da zai shiga takarda. Dankali da rogo ba sa cikin giram 400 ɗin, don haka dole a ba su layinsu daban, domin idan aka cusa su cikin kayan lambu lissafin ya lalace tun daga tushe. Kowane layi kuma yana buƙatar girman kaso a gefensa da kalmomin da mutum zai gane, kamar lemo guda ɗaya matsakaici ko babban cokali uku na dafaffen ganye, sannan a bayyana tsawon lokacin da ake tambaya a kai. Wata ɗaya ya fi sauƙin tunawa, sai dai yana ɗauke da tasirin lokacin da wani ɗan itace yake yayi, kuma wajibi ne a rubuta hakan a rahoto.

Amsoshin suna zuwa ne a matsayin zaɓi, kuma kafin a yi wani lissafi sai an mai da kowane zaɓi zuwa adadin ci a rana. Sau ɗaya a mako ya zama 1 raba 7, wato 0.14. Sau biyu zuwa huɗu a mako, ana ɗaukar tsakiyarsa, uku, a raba da bakwai a sami 0.43. Sau ɗaya zuwa uku a wata ya zama 0.07, sau biyu zuwa uku a rana kuma 2.5. Daga nan lissafin kowane layi ɗaya ne:

```
giram a rana = adadin ci a rana × giram na kaso ɗaya
```

A nan ne matsalar da ta fi damuna take ɓuya. Ɗauki wata majinyaciya da aka ba ta takarda mai layi goma sha biyu, bakwai na kayan lambu, biyar na 'ya'yan itace. Tana son dukkansu, kuma a tunaninta kowanne yana shiga bakinta lokaci zuwa lokaci, sai ta zaɓi sau biyu zuwa huɗu a mako a kowane layi. Idan aka ninka 0.43 sau 12 za a sami kaso 5.16 a rana, kusan giram 413, sai a rubuta ta cikin waɗanda suka cika ma'auni. Amma da aka yi mata tambayoyi biyu na dunƙule a ƙarshen takardar, sau nawa take cin kayan lambu kowane iri a rana, sau nawa kuma 'ya'yan itace, sai ta ce sau ɗaya ɗaya. Kaso biyu ke nan, giram 160, ƙasa da rabin ma'auni. Matar ba ta yi ƙarya ba. Kowane layi yana ɗauke da ɗan ƙari, kuma yawan layuka shi ke tara ƙarin har ya tsallake ƙa'ida. Da an tsawaita jerin zuwa layi ashirin, da asibitin ya ga kamar majinyatansa sun ƙara cin ganye ba tare da kowa ya canja komai a faranti ba.

Tambayoyin dunƙulen su ne abin da ba na yarda a cire daga takarda, ko da ana kukan tsawo. Da su ake gane kumburin, kuma da su ake iya gyara shi: a raba 2 da 5.16 a sami 0.39, a ninka adadin kowane layi da wannan, sai jimillar ta dawo biyu yayin da rabon da ke tsakanin nau'o'in ya zauna yadda ta faɗa. Gyaran yana da iyaka, domin ya ɗauka cewa amsar dunƙulen ce daidai, ita kuma tana iya yin ƙasa idan mutum bai ƙirga kayan lambun da aka dafa a cikin wani abinci ba. Shi ya sa nake nuna adadin biyu a rahoto, a gefen juna.

Layin da aka bari babu amsa shi ma yana buƙatar hukunci. Sau da yawa mutum yana tsallake abin da ba ya ci ne, amma wani lokaci shafi ne guda bai juya ba. Idan aka mai da kowane gurbi sifili, mai shafin da ba a cike ba zai fito kamar ba ya cin komai. Alamar tana bayyana: gurabe a warwatse sun fi kama da rashin ci, gurabe a jere zuwa ƙarshen takarda kuma sun fi kama da gajiya. Dokar da za a bi, misali a ware takardar da ta rasa fiye da wani adadi na layuka, a rubuta ta tun kafin a buɗe amsoshi, don kada sakamako ya ja ra'ayin mai lissafi.

Wajen taƙaita sakamako kuwa, matsakaicin lissafi yana yaudara saboda 'yan tsirarun da ke ci da yawa. A ce mutum biyar sun ba da adadin shan lemon kwalba a rana kamar haka: 0, 0.07, 0.14, 0.43 da 6. Matsakaicinsu 1.33 ne, wanda ke nuna kamar kowa yana shan fiye da kwalba guda kullum, alhali huɗu daga cikinsu ba su kai rabin kwalba ba. Adadin da ke tsakiya bayan an jera su, wanda MEDIAN ke fitarwa a manhajar lissafi, 0.14 ne. Mai shan shida kuma sai a koma ga takardarsa a tabbatar bai nufi shida a mako ba.

Zagaye na biyu na tantancewa yana da nasa haɗarin. Majinyacin da aka yi wa nasiha a kan kaso biyar ya riga ya san amsar da ake so, musamman idan ma'aikaciyar da ta yi nasihar ita ce ta miƙa masa takarda. Ƙaruwar da za a gani tana iya kasancewa ta amsa ce kawai. Abin da nake yi shi ne in sa wani daban ya raba takardun, a bar kalmomi da yawan layuka yadda suke a zagayen farko, a kuma yi aikin a lokaci ɗaya na shekara. Sannan a zaɓi wani rukuni daga cikin majinyatan a tambaye su duk abin da suka ci a awa 24 da suka wuce, a ranaku daban daban har da ranar hutu, a ga ko waɗanda takarda ta ɗora a sama su ne dai suke sama a wannan hanyar, da kuma giram nawa ne tsakanin hanyoyin biyu.